Kwamfutar tebur ta kama amma allo baƙi ƙirin: yadda ake bin ram, wayoyi da katin hoto daki-daki

Ka danna maɓalli, 'yar fitilar gaba ta kama, fanka tana juyawa, amma allo ko gezau. A shagunan buga takardu da cike fom na garuruwa irin su Ringim, Gumel, Rano ko Ɗambatta, wannan na cikin matsalolin da suka fi tsayar da aiki, musamman lokacin rajistar jarrabawa, mutane na layi a bakin ƙofa. Mafi yawan lokuta babu abin da ya ƙone. Ko dai ram ya ɗan ɗago daga gurbinsa, ko waya ta saki, ko katin hoto bai zauna ba. Kuma duk wanda ya ce maka a goge kwamfutar a zuba sabon Windows, kada ka yarda. Na'urar da ba ta ko nuna tambarin kamfaninta ba, matsalarta ba ta Windows ba ce, takardunka suna nan lafiya a faifansu.

Ƙa'ida ɗaya ce za ta riƙe aikin nan duka: ka canza abu ɗaya, ka kunna, ka duba, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya cire ram da kati da wayoyi a lokaci guda, ko hoton ya dawo bai san mene ne ya gyara ba, kuma in ta sake yi masa gobe sai ya faro daga tushe.

Minti biyu kafin a kwance kusa ko ɗaya

Fara raba gardama tsakanin allon da akwatin. Zare wayar hoto daga bayan akwatin, ka bar allon a kunne. Allo mai lafiya zai rubuta No Signal ko Check Signal Cable. Idan ya rubuta, yana da rai. Idan fitilarsa na ci amma babu rubutun komai, kashe hasken ɗakin ka haska fuskarsa da tocilan daga gefe. In ka hango inuwar rubutu dishi-dishi, fitilar cikin allon ce ta mutu, kwamfutar ba ta da laifi.

Sai ka mayar da wayar, ka kunna, ka jira kamar daƙiƙa talatin, ka danna Num Lock ko Caps Lock a kibod mai waya. Wannan ɗan gwajin yana rage wahala ƙwarai. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin ta nuna komai sai ta bi kayan cikinta ta tantance su: furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, sannan ram, sannan ɓangaren hoto. Idan fitilar Num Lock tana kamawa tana mutuwa yadda kake dannawa, to galibi ta wuce tantancewar, tana aiki ne a makance, matsalar tana kan hanyar da hoto ke bi, don haka tsallake zuwa maganar wayoyi. Idan fitilar ba ta amsa ba sam, ta maƙale tun a farko, kuma ram ne na farko da ake zargi.

Ka kuma kasa kunne, ka zuba ido a kan fitilar gaba. Tsofaffin HP na ofis, irin su Compaq 6000 Pro da 8200 Elite waɗanda suka cika shagunanmu, suna faɗin ciwonsu da kansu. Fitilar takan koma ja tana ƙiftawa tare da ƙara, ta ɗan huta, ta sake. Ƙiftawa 5 tana nufin ram, 6 tana nufin ɓangaren hoto, 4 kuma matsalar wuta ce. Dell ma tana ƙiftawa da ruwan lemo, sai dai lissafinta ya bambanta daga wani samfuri zuwa wani, don haka sai an duba littafin ainihin samfurin da ke gabanka.

Kafin ka sa hannu a ciki

Kashe ta, zare wayar wuta gaba ɗaya, ba kashe soket kawai ba. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa goma sha biyar, ragowar wutar da ke ciki ta zube. Ko da kwamfuta a kashe take, muddin wayarta na jone akwai 'yar wutar bolt 5 da ke yawo a madabod, wato babban farantin da ake dasa sauran kayan ciki a kansa, kuma cire ram a wannan hali yana iya lalata shi.

Da hunturu a ƙara kula. Iska ta bushe, jiki yana tara wutar nan da kan tsikari mutum in ya taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe ram. Kada ka yi aikin a kan dardumar roba ko kafet. Ɗora akwatin a kan teburin katako, ka taɓa ƙarfensa da tafin hannu kafin ka taɓa komai, kuma ka riƙa maimaitawa. Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba mai bakin kuros, tocilan, sabon burushin fenti mai laushi, farin magogin fensir, da bulowa in akwai. Ɗauki hoton cikin akwatin da wayarka tun kafin ka cire komai. Akwatin ƙarfen nan da wayar wuta ke shiga, wanda masu gyara ke kira fawa fak, shi kam ba a buɗe shi. Yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi.

Ram

Ram 'yan sanduna ne sirara, kore ko baƙi, a tsaye kusa da fankar furosesa, kowanne a cikin dogon gurbi mai kunnuwa biyu a gefe. Haƙoransa masu ruwan zinare guda 240 ne a DDR3, 288 a DDR4, kuma dole kowanne ya taɓa ɗan'uwansa na cikin gurbin. Ɗagowar da ido ba ya ko gani ta isa ta hana hoto. Abin da ke ɗaga shi a wajenmu sananne ne: an ɗauko akwatin a bayan babur kan hanyar burji, ko zafin rana da sanyin asuba suna sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke kullum, ko ƙurar hunturu ta shige gurbin, damina ta zo da laima ta mayar da ita datti mai kama haƙora.

Danna kunnuwan biyu waje, sandar za ta ɗago da kanta. Wasu madabod kunne ɗaya ne kawai ke buɗewa, ɗayan a kafe yake, kada ka tilasta shi. Riƙe sandar ta gefe da gefe, ba ta haƙora ba. Cire su duka, ka jera su a kan takarda yadda ka same su.

A nan akwai gwajin da masu gyara ke ji da shi: kunna kwamfutar babu ram ko ɗaya. Idan tana da 'yar lasifikar ciki, ya kamata ta yi ta kuka, ko fitilar ta yi ƙiftawar ram. Kukan nan albishir ne, domin yana nuna furosesa da madabod suna raye har sun lura da abin da babu. Idan kana da tabbacin tana da lasifika amma ta yi tsit, fitila ma ba ta ce komai ba, to matsalar ta wuce ram, ta koma wajen wuta ko madabod. Kashe, zare waya, sake zubar da ragowar wuta.

Yanzu goge haƙoran. Kwantar da sandar a kan takarda, ka bi layin zinaren da magogin fensir a hankali, gaba da baya, fuska biyun, har dusashewar ta tafi ya koma ƙyalli. Ka kula da ƙananan ƙwayoyin da ke dab da haƙoran, sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta, kuma in ɗaya ta ɓalle sandar ta tashi aiki. Kakkaɓe ɓurɓushin da burushi. Fetur, kananzir, yawu da reza duk babu su a wannan aiki, garin neman gira kada a rasa ido. Gurbin kuma a bi shi da burushi ko bulowa, ba da baki ba, saboda tururin numfashi laima ne. In za ka yi amfani da bulowa, tare fankoki da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima.

Mayar da sanda ɗaya tak. A HP da Dell sa ta a gurbin da aka rubuta wa lamba 1 a jikin madabod, kamar DIMM1 ko XMM1. A madabod na kwamfutar haɗi mai gurbi huɗu, galibi na biyu daga furosesa ake fara cikawa, wanda aka rubuta wa A2. Dubi tsagar da ke tsakanin haƙoran: ba a tsakiya take ba, don haka fuska ɗaya ce kawai ke shiga. Daidaita ta da ɗan tudun cikin gurbin, ɗora manyan yatsunka biyu a ƙarshen sandar hagu da dama, ka danna ƙasa da ƙarfi daidai wa daida har ka ji ƙas, kunnuwan su rufe da kansu. Kuskuren da aka fi yi yana nan: mutum ya ji tsoron dannawa, sai ya ja kunnuwan da hannu ya rufe. Daga sama sai ka ga kamar ta zauna, alhali gefe ɗaya a ɗage yake. Haska da tocilan, in kana ganin layin zinare a saman gurbin ba ta shiga ba.

Kunna. In hoto ya zo, kashe, ƙara ta biyu, sake kunnawa. In bai zo ba, gwada wannan sandar a wani gurbin, sannan ɗaya sandar a gurbin farko.

A ɗauki misali da HP 8200 Elite a wani shago, mai sanda biyu ta DDR3, kowacce gigabayit 4. An kwashe kaya an yi fenti, an dawo da ita, sai ja sau 5 da ƙara. An goge sandunan biyu. Ta farko a gurbi na 1: tambarin HP ya fito. An ƙara ta biyu a gurbinta na da: ja sau 5 ya dawo. Mai gaggawa a nan zai ce sanda ta biyu ta mutu, ya hau mota zuwa kasuwar Beirut a Kano neman wata. Amma abu biyu aka ƙara a lokaci ɗaya, sanda da gurbi, ba a san mai laifin ba tukuna. Sai a cire duka, a sa ta biyun ita kaɗai a gurbi na 1. Hoto ya fito, ke nan lafiyarta lau. A sa ta farko, wadda aka riga aka tabbatar, a gurbin da ake zargi: ja sau 5. Gurbin ne. A haska cikinsa, a sake share shi da burushi. In ya ƙi, a mayar da sandar wani gurbin cikin biyun da suka rage, aiki ya ci gaba ba a sayi komai ba. Kwamfutar na iya nuna saƙon cewa adadin ram ya canza, ta nemi a danna F1. Wannan ba matsala ba ce.

In kuwa matsalar ta fara ne daga ranar da aka ƙaro sabon ram, karanta takardar da ke manne a jikinsa. PC3 shi ne DDR3, PC4 shi ne DDR4, ba sa shiga gurbin juna. Sai harafin ƙarshe: PC3-10600U na kwamfutar tebur ne, amma PC3-10600R na manyan kwamfutocin sabar ne. Mai R ɗin yakan zo da araha a kayan gwanjo, yana shiga gurbin daram, amma kwamfutar gida ba za ta taɓa tashi da shi ba.

Wata 'yar sanarwa ga masu sababbin na'urori na DDR5: bayan an taɓa ram sukan yi minti biyu ko fiye allo baƙi suna daidaita kansu. A ba su lokaci kafin a yanke hukunci.

Wayoyi, na waje da na ciki

Abu na farko shi ne ramin da aka soka wayar hoto. Idan akwatin yana da katin hoto na daban, za ka ga ramukan hoto a wuri biyu: na madabod a jere da ramukan USB, da na katin can ƙasa shi kaɗai. In akwai kati, a jikinsa ake sokawa, domin yawancin madabod suna kashe nasu ramin da zarar sun ga kati. Yaron shago ya share ɗaki ya mayar da waya ramin sama, shi ke nan an wuni ana neman mai gyara.

Wayar VGA, mai shuɗin kai da allurai 15 a layi uku, ita ce ta fi yawa a karkara. Zare ta ka haska cikin kan. Allura ɗaya da ta lanƙwashe ko ta nutse tana iya canza launi ko ta ɗauke hoton gaba ɗaya. Ana iya miƙar da ita a hankali da bakin allurar ɗinki, amma ba ta jure lanƙwasa sau biyu. Wasu wayoyin daga masana'anta suke zuwa da gurbin allura ɗaya babu komai, wannan ba lalacewa ba ce. Mayar da ita ka ɗaure kusoshin gefe biyun, a akwatin da kuma a allon. Bi tsawonta da hannu ma, ɓera yana son bayan tebur. DisplayPort kuma tana kama da HDMI amma kusurwa ɗaya ce a yanke, kuma da yawa suna da ɗan maƙulli da sai an danna kafin a ja.

Duba allon ko yana sauraron ƙofar da ta dace. Danna Source ko Input ka zaɓi wadda wayar ke ciki. Masu amfani da talabijin a madadin allo su tabbata HDMI 1 ko HDMI 2 ɗin da aka zaɓa nan wayar take. In allon ya rubuta Out of Range, hoto yana zuwa, girmansa ne ya fi ƙarfin allon, sai a jona wani allon a rage shi. In kuma tambari yana fitowa sai daga baya allo ya yi baƙi, galibi wannan maganar Windows ce: danna Win da Ctrl da Shift da B tare don ta sake tayar da direban hoto.

'Yan adaftoci suna da nasu sharrin. Mai mayar da HDMI zuwa VGA hanya ɗaya yake bi, daga kwamfuta mai HDMI zuwa allo mai VGA, ba ya aiki a juye. Ƙaramin adaftan DVI zuwa VGA kuma yana aiki ne kawai a ramin DVI-I, mai 'yan huji huɗu kewaye da tsagar gefe. A DVI-D babu abin da zai fito. Hanya mafi sauri ita ce aron waya da allon da ka ga suna aiki yanzu-yanzu a wata kwamfutar.

A ciki, wayoyi biyu ne ke ciyar da madabod: babba mai baki 24, da ƙarama mai baki 4 ko 8 kusa da furosesa, mai wayoyi rawaya da baƙi. Ƙaramar nan ita ake mantawa. In ba ta shiga ba, fankoki za su yi ta juyawa amma furosesa ba ta samun wuta, allo kuma baƙi. Zare kowacce ka mayar har maƙullinta ya kama, ka duba ko roba ta yi baƙi ko ta narke. Wasu HP da Dell suna da nasu kan waya na daban mai baki 6 ko 8 maimakon 24, don haka fawa fak ɗin kasuwa ba ya shiga musu kai tsaye.

Juyawar fanka ba shaidar lafiyar fawa fak ba ce. Mai mita ya auna tana kunne: rawaya da baƙi bolt 12, kada ya gaza 11.4, ja da baƙi bolt 5. Wutar ma da ke shigowa abin dubawa ce. Ƙaramin janareto da aka ɗora wa injin fotokofi, ko inbata mai batirin da ya yi sanyi da yamma, suna iya kunna fanka su kasa tayar da na'ura. Kashe sauran kaya ka gwada ta ita kaɗai. In bayan fawa fak yana da ɗan jan makunni mai 115 da 230, a 230 yake zama a Nijeriya, kada ka taɓa shi da sunan gwaji.

Katin hoto

Shi aka bari a ƙarshe don shi ya fi tsada, kuma gwajinsa bai da wuya in akwai ramin hoto a madabod. Kashe, zare wuta. Kwance kusar da ta riƙe katin a bayan akwati, zare wayar wutarsa in yana da ita, sannan ka danna ɗan maƙullin da ke ƙarshen dogon gurbin kafin ka ja. Wanda ya fizge ba tare da ya saki maƙullin ba yana iya tumɓuke gurbin daga madabod. Bayan ka cire, soka wayar allo a ramin madabod ka kunna. In hoto ya zo, laifin yana wajen katin, ko gurbinsa, ko wutarsa.

Sai dai wannan gwajin yana da iyaka. Ramin madabod ba ya ba da hoto sai furosesa tana da nata ɓangaren hoton. Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar i5-9400F, ba su da shi. Haka yawancin Ryzen na kafin jerin 7000 in ba masu G ba ne: 5600G tana da shi, 3600 ba ta da shi. A irin waɗannan sai dai a ari wani katin a gwada, ko a kai naka wata kwamfutar.

Kafin ka yanke wa katin hukunci, goge haƙoransa kamar na ram, share gurbin, ka duba fankarsa. Juya ta da yatsa. In ta cije, ko ƙura ta toshe ƙarfen sanyayawar kamar auduga, ko zanzaro ya yi gini a ciki, zafi ne ya daɗe yana cin katin. Irin wannan yakan yi gargaɗi kafin ya mutu: layuka ko ɗige-ɗige masu launi a allo, ko hoto ya ɗauke bayan minti goma da kunnawa. Mayar da shi ka danna har maƙullin ya yi ƙas, ka kalli bayan akwatin ko ƙarfensa ya kwanta daidai kafin ka ɗaure kusa, domin akwatin da ya taɓa faɗuwa yakan karkace ya riƙa ɗaga ƙarshen katin.

Gurbin kansa wat 75 kawai yake iya bayarwa. Katin da ya fi haka ci yana da ramin wuta a samansa, mai baki 6 da ke ƙara wat 75, ko mai baki 8 da ke ƙara wat 150, kuma in ba a jona ba ba zai nuna komai ba. Kada a rikita wayar baki 8 ta kati, mai rubutun PCI-E wadda ke rabuwa 6 da 2, da ta furosesa mai rubutun CPU wadda ke rabuwa 4 da 4. Ƙananan akwatunan ofis kuma fawa fak ɗinsu bai wuce wat 240 ba a yawancinsu, ba za su ɗauki babban kati ba ko da ya shiga.

Idan duk ukun sun fita lafiya amma har yanzu duhu, akwai abu ɗaya mai arha da ya rage. A kan madabod akwai batir mai kama da kwabo, CR2032, na bolt 3, wanda ke riƙe saitin na'urar. Zare wuta, cire shi, jira minti biyar, sannan ka mayar, ko ka sa sabo in mita ta nuna ya yi ƙasa sosai da 3. HP na ofis suna da ɗan maɓalli rawaya mai rubutun CMOS, danna shi daƙiƙa biyar wuta a zare yana yin wannan aikin. Daga nan cire duk abin da ba dole ba, faifai, firinta, filashi, ka bar furosesa da sanda ɗaya ta ram da allo kawai. In ta tashi a haka, mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. In ba ta tashi ba, haska 'yan gwangwanayen da ke tsaye kewaye da furosesa: wanda kansa ya kumbura ko ya zubo da abu ruwan ƙasa ya lalace, kuma canza shi aikin mai dalma ne. Lokacin kai ta birni, cire faifan da takardun mutane ke ciki ka ajiye a gida, ka rubuta a takarda adadin ƙiftawar da ka ƙirga da duk abin da ka riga ka gwada, sannan ka naɗe akwatin da bargo kafin a ɗaure shi a babur.